Ko Kun Sani? Agogon Auna Barci Yana Iya Hana Barci

Agogon hannu da manhajar waya da ke auna barci ba sa ganin abin da ƙwaƙwalwa ke ciki. Motsin jiki da bugun zuciya suke bi, shi ya sa idan mutum ya farka ya kwanta shiru, sau da yawa sai su rubuta cewa barci yake.

A 2017 wasu masana barci a Amurka sun ba da labarin marasa lafiyar da damuwa da sakamakon na'urar ta ƙara dagula musu barci.

Mai yawan farkawa cikin dare, in har yana minshari mai ƙarfi ko yana tashi numfashi a sarƙe, manhajar waya, ko da mai kunna sautin ruwan sama don sa barci ce, ba za ta warkar da shi ba. Likita ya kamata ya gani.