Kafin a Kunna Injin Yanka: Yadda Ake Zana Firam ɗin Teburin Ƙarfe da Takardar Yankansa

A bayan kusan kowane shagon walda akwai tarin guntayen fayif, wasu kamu ɗaya, wasu rabin kamu, sun yi tsatsa suna jiran 'yan gwangwan. Duk guntun da ke wurin kuɗi aka sa aka saye shi, kuma galibinsu daga kuskure ɗaya suka fito: an fara yanka kafin a gama lissafi. Maganin da masu zanen injiniya suke yi wa wannan asara shi ne su gina abin a kwamfuta tukuna, da ainihin siffar ƙarfen da za a saya, sannan manhajar ta fitar musu da takardar yanka, wato jerin kowane guntu da tsawonsa da kusurwar bakinsa da adadinsa.

Manhajar da ta fi suna a wannan aiki ita ce SolidWorks, wadda ta fito a 1995, kamfanin Dassault Systèmes na Faransa ya saye ta a 1997. Sashen da ke kula da ƙarafan da ake haɗawa da walda sunansa Weldments. Akwai irinsa a wasu manhajoji, kamar Frame Generator na Autodesk Inventor, kuma dabarar ɗaya ce. Bari mu bi ta da teburi guda, irin wanda tela ko mai shago zai sa a yi masa.

Teburin namu tsawonsa milimita 1200, faɗinsa 600, tsayinsa daga ƙasa zuwa saman katako 750. Katakon saman kaurinsa 18. Ƙarfen kuwa fayif ne mai kusurwa huɗu, 40 a kowane gefe, kaurin jikinsa milimita 2.

Mai zane ba ya fara da zana fayif. Layuka kawai yake ja a cikin 3D Sketch, kamar ƙasusuwan teburin: huɗu na firam ɗin sama, huɗu na ƙafafu, biyu gajeru da ke haɗa ƙafafu a ƙasa, da dogo ɗaya da ke haɗa gajerun nan a tsakiya. Daga nan sai ya danna Structural Member, ya zaɓi furofayil. Furofayil ba wani abu ba ne illa siffar da za ka gani idan ka datse fayif ka leƙa bakinsa: murabba'i a cikin murabba'i, da kaurin jiki tsakaninsu. Manhajar za ta ɗauki wannan siffa ta ja ta a kan kowane layi, sai layin ya zama ƙarfe.

A nan ne fa ake yawan faɗawa rami. Layi ba shi da kauri, fayif kuwa yana da shi, don haka dole a faɗa wa manhajar inda layin zai bi ta jikin fayif ɗin. Idan ba ka ce komai ba, yawanci ta tsakiyarsa take bi da shi. Ka ja layi 1200, sai milimita 20 su ɓullo ta wannan gefe, wasu 20 ta wancan, firam ya zama 1240 da 640. A fuskar kwamfuta teburin zai yi kyau abinsa, ba abin da zai nuna maka akwai matsala. Na taɓa ganin sakamakon haka a wani shago: an gama walda, an yi fenti, aka ɗora katakon da kafinta ya yanka daidai 1200 da 600, sai ga ƙarfe ya leƙo ta ko'ina kamar faɗin ɗan yatsa. Mai shagon ya dubi yaron da ya kawo zanen ya ce, "Kai, injiniya, wannan teburin ai ya fi hularsa girma." Yaron ya ce, "Wallahi Oga, 1200 na rubuta." Gaskiya ya faɗa, 1200 ɗin ya rubuta, amma a tsakiyar fayif. Gyaran maɓalli ɗaya ne, Locate Profile, inda za ka zaɓi kusurwar waje ta sama ta furofayil ɗin ta zauna a kan layi. Bayan haka kada ka yarda da ido. Ɗauki Measure ka auna daga gefe zuwa gefe.

Abu na gaba shi ne yadda ƙarafa za su haɗu a kusurwa. Hanya biyu ce. Ko dai a yanke bakin kowanne a karkace, digiri 45, su haɗu kamar firam ɗin hoto, wanda manhajar ke kira End Miter, ko kuma ɗaya ya wuce ɗayan ya tokare shi a gefe, wato End Butt. Na farkon ya fi kyau a saman teburi domin ba ya barin bakin fayif a buɗe, amma yana son hannu mai kyau wajen yanka. Na biyun ya fi sauƙi, sai dai zai bar ramuka huɗu da sai an toshe, in ba haka ba su zama gidan ƙura da kyankyaso. Mu ɗauki na farko a sama. Ƙafafu kuma za su tokare firam ɗin daga ƙasa, a datse su da Trim/Extend don kada su kutsa cikinsa. Idan aka manta wannan datsewa, manhajar ba za ta hana ƙarfe biyu zama a wuri ɗaya ba, kuma tsawon da za ta ba ka zai wuce na gaskiya.

Da an gama, takardar yanka za ta fito kamar haka:

```
QTY.  LENGTH  ANGLE1  ANGLE2
2     1200    45      45
2     600     45      45
4     692     0       0
2     520     0       0
1     1120    0       0
```

Kowace lamba a nan ana iya bin sawunta da fensir, kuma ya kamata a bi. Ƙafa 692 ce saboda an cire 18 na katako da 40 na firam daga 750. Gajeren ƙarfen ƙasa 520 ne saboda ƙafafu biyu sun cinye 80 daga 600. Haka dogon, 1200 a cire 80, saura 1120. Sifili a wurin kusurwa yana nufin yanka a miƙe. Sai a lura da abu guda game da masu digiri 45: tsawon da aka rubuta na dogon gefe ne, daga tsini zuwa tsini. Gajeren gefen guntu mai 1200 zai kasance 1120. Yaron shago da ya auna 1200 a gefen ciki zai fitar da ƙarfe mai 1280, shi ya sa yana da kyau a rubuta "gefen waje" da alƙalami a kan takardar kafin a miƙa masa.

Idan aka tara duka, teburi ɗaya yana cin milimita 8528, wato mita takwas da rabi da 'yan kai. A nan takardar take fara mayar da kuɗinta. A ce fayif ɗaya mita 6 ne. Daga na farko za a fitar da 1200 biyu, 1120 ɗaya, 692 biyu da 520 biyu, jimla 5944. Ragowar 56 ɗin ba riba ba ce, domin faifan yanka yana cin kusan milimita 3 a kowane yanka, kuma yanka bakwai zuwa takwas za a yi. Da ƙyar dai ya isa. Fayif na biyu zai ba da 600 biyu da 692 biyu, ya bar fiye da mita uku. Teburi ɗaya ke nan, fayif biyu. Amma idan teburi biyu ake so, ba huɗu za a saya ba, uku sun isa: biyu a yanka su kamar na farkon nan, na ukun ya ba da 600 huɗu da 692 huɗu, wato 5168.

Sai dai wannan lissafi ya dogara ne da cewa fayif ɗin mita 6 ne cif. Wanda ya saba shiga kasuwar ƙarfe irin ta Ƙofar Ruwa a Kano ya san ba a sayen fayif da baki, da tef ake saye. Idan na kasuwa ƙafa 18 ne, wato milimita 5486, uku za su ba da 16458, alhali teburi biyu suna bukatar 17056. Sai an ƙara na huɗu, kuma tsarin yankan gaba ɗaya sai an sake shi. A auna abin da ke kasuwa tukuna, sannan a tsara.

Haka batun kauri. Furofayil mai 40 da ke zuwa da manhajar a ƙarƙashin iso shi ne 40 x 40 x 4, mai kaurin milimita 4, wanda mita ɗaya tasa ta haura kilo 4. Namu mai kaurin 2 kilo 2.3 ne a mita, ƙarfen teburin duka ya kama kilo 20. Wanda ya bar na manhajar zai ga nauyin da ya kusa ninki biyu, ya yi wa mai aiki kuɗi a kansa, ko kuma ya yi zaton firam ɗin ya fi ƙarfin da yake da shi. Abin yi shi ne ka buɗe furofayil ɗin, ka gyara kaurin, ka adana shi da sabon suna a matsayin fayil mai ƙarewa da .sldlfp, ka riƙa amfani da shi. Idan kuma abin da aka samu a kasuwa mai kaurin 1.2 ne, tsawon guntaye ba zai canja ba tunda wajensa 40 ne, amma mai walda zai sha fama, domin wuta kaɗan ta yi yawa sai ta huda shi.

Ƙofar gida ma haka ake bi da ita, sai dai tana da nata wayon. Ba a zana ta daidai faɗin bakin gini. Ana barin sarari wajen hinji da tsakanin ganye biyu da kuma ƙasa. Kuma tunda a rataye take ta gefe ɗaya, bakinta yana son sunkuyawa, don haka ake sa mata ƙarfe a gicciye. Kusurwar bakin wannan ƙarfe ba ta cika faɗawa a 45 ba, kuma nan ne takardar yanka ta fi ido amfani nesa ba kusa ba.

Akwai abu ɗaya da kwamfuta ba ta nunawa a takardar, shi ne zafi. Walda idan tana hucewa tsukewa take yi, tana jan ƙarfe zuwa gefen da aka ƙona. Mai walda da ya gama kusurwa ɗaya tsaf kafin ya taɓa sauran zai tarar firam ya karkace, ko da kowane guntu an yanka shi daidai. Shi ya sa ƙwararru suke ɗiga walda kaɗan a kusurwoyi huɗun tukuna, sannan su ja tef daga kusurwa zuwa kusurwar da ke kallonta. A firam ɗinmu dole duka biyun su ba da 1342. Idan ɗaya ta ba da 1346 ɗayar 1338, sai a tsayar da firam ɗin a kan kusurwar mai tsawon a ɗan danna shi, ko a ƙwanƙwasa da guduma, har su yi daidai. Daga nan a cika waldar ana tsallakawa, wannan kusurwa sannan ta can ƙetare, a sake jan tef kafin a kafa ƙafafu. Ni dai ina sa lambar nan 1342 a ƙasan takardar yanka da jan biro, domin manhajar ba ta sa ta da kanta.