Yadda Saƙo Ke Jira A Layi Idan Waya Ta Katse

A watan Satumba na 2021 da aka rufe layukan waya a Jihar Zamfara, wanda duk ya kira ɗan'uwansa a Wonaka daga Zariya, kiran ya faɗi nan take, domin kira sai da mutum biyu a lokaci guda.

Saƙon WhatsApp kuwa bai faɗi ba. Yana barin wayar mai aikawa sai na'urar kamfanin ta karɓa, ta sa shi a layi. Maki ɗaya na nufin an ajiye. Maki biyu, an isar. Amma ajiyar tana da iyaka: bayan kwana 30 akan share saƙon da bai isa ba.

Haka injiniyoyi ke raba sassan aiki, da manhaja irin RabbitMQ. A banki, sashen kuɗi zai rubuta "kuɗi sun shiga" ya ci gaba da aikinsa. In sashen sanarwa ya tsaya, sanarwa ce kawai za ta makara. Alamar matsala ita ce layi yana ƙara tsawo ba ya raguwa.