Kuɗin da Banki ke Cira: Yadda Ake Gano Hanya Mafi Araha ta Ajiya da Aika Kuɗi a Najeriya

Cajin banki a Najeriya yana da iyaka, kuma Babban Bankin Najeriya, CBN, ne ke gindaya ta. Ƙa'idar da ta fara aiki ranar 1 ga Janairu 2020 ta kasa kuɗin tiransifa gida uku: naira 10 ga abin da bai wuce naira 5,000 ba, naira 25 daga nan zuwa naira 50,000, sai naira 50 ga abin da ya haura haka. A kan kowanne ana ɗora harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari, shi ya sa a ƙarƙashin wannan ƙa'ida mai asusu ke ganin 10.75 ko 26.88 ko 53.75 a alat ɗinsa. Tun da yawancin bankuna a kan wannan iyaka suke tsayawa, abin da ke bambanta mai asara da mai tattali shi ne yadda kowa ke amfani da asusunsa: sau nawa yake aikawa, ta wace hanya, kuma a ina ake cire kuɗin a ƙarshe.

Bayan kuɗin tiransifa akwai naira 50 ta gwamnatin tarayya a kan duk aiken da ya kai naira 10,000 ko fiye. A da mai karɓa ake cirewa, amma daga Janairu 2026, ƙarƙashin sabuwar dokar haraji, nauyin ya koma kan mai aikawa. Manhajojin waya irin su OPay da PalmPay da Moniepoint ma ba su tsira ba, domin tun Disamba 2024 suke cire ta. Wanda ba shi da babbar waya, yake danna lambobin USSD, yana biyan ƙarin naira 6.98 a kowane shiga, kuma tun 2025 daga katin wayarsa ake zarar ta, inda ba ya ganin ta a lissafin banki. Saƙon tes na alat kuwa, wanda yake naira 4 a da, ya koma naira 6 a bankuna da dama a 2025.

Misali bisa ƙa'idar 2020 zai fi bayyana nauyin waɗannan ƙananan kuɗaɗe. A ɗauka wani ɗan kasuwa a Legas yana tura wa iyalinsa a Katsina naira 60,000 kowane wata, daga bankinsa zuwa wani banki dabam, ta USSD. Idan ya tura gaba ɗaya, zai biya 53.75 na tiransifa, da 50 ta haraji, da 6.98 ta USSD, da 6 ta alat, jimla naira 116.73. Idan kuma ya riƙa turawa dubu goma-goma sau shida, kamar yadda mutane da yawa ke yi gwargwadon abin da ya shigo hannu, kowane aike zai ci 26.88 da 50 da 6.98 da 6. A ƙarshen wata ya biya naira 539.16, wato ya ninka fiye da sau huɗu, alhali kuɗin da ya isa Katsina bai ƙaru da ko kwabo ba.

Wasu na da dabarar tura naira 9,999 don kauce wa harajin naira 50. Dabarar tana aiki idan dama abin da za a aika bai wuce dubu goma ba. Amma wanda zai daddatsa naira 60,000 haka sai ya yi aike bakwai, kuma kuɗin tiransifa kaɗai zai zarce na aike guda da harajinsa. Inda akwai sauƙi na gaske shi ne idan mai aikawa da mai karɓa banki ɗaya suke, domin galibi ba a cajin kuɗin tiransifa a cikin gida. Wasu manhajoji kuma na ba da adadin aike kyauta a rana ko a wata, sai dai sharuɗɗansu na sauyawa, don haka a duba abin da allo ya nuna kafin a danna amincewa.

Babbar ɓaraka tana wurin cire kuɗi a hannu, kuma nan ne masu kwatanta farashi suka fi mantawa. Daga 1 ga Maris 2025 CBN ya soke cirewa uku kyauta da ake yi a wata a na'urar ATM ta wani banki. Yanzu cirewa a na'urar bankin mutum kyauta ce. A ta wani banki da ke harabar reshe ana biyan naira 100 a kan kowace naira 20,000. Idan kuma na'urar tana waje, kamar a babban kanti ko kasuwa, ana iya ƙara har naira 500 a kan ɗarin. Saboda haka naira 60,000 ɗin nan za ta fita kyauta, ko da naira 300, ko da abin da ya kai naira 1,800, ya danganta da inda aka tsaya. Masu POS kuwa ba su da tsayayyen farashi, musamman a ƙauye ko lokacin ƙarancin takardun kuɗi. Inda ake karɓar naira 100 a kan kowace dubu biyar, iyalin za su bar naira 1,200 a shagon mai POS, fiye da ninki goma na abin da mai gida ya biya wajen aikawa gaba ɗaya. Mafita a nan ita ce a rage abin da ake cirewa: kuɗin makaranta da na mai shagon hatsi a tura musu kai tsaye, a cire na cefane kawai.

Game da ajiya, zaɓin yana tsakanin asusun ajiya da asusun karant. A ƙa'idar 2020, na ajiya ba shi da kuɗin kula da asusu, sai naira 50 ta kula da kati duk wata uku. Na karant kuwa ƙa'idar ta yarda a caje shi har naira 1 a kan kowace naira 1,000 da mai shi ya fitar. Ɗan kasuwar da ke fitar da naira miliyan 5 a wata zai iya biyan naira 5,000 ban da VAT. Wannan caji ana iya neman ragi a kansa. Ma'aikaci ko mai ƙaramar sana'a da ba ya rubuta cek ba shi da dalilin ɗaukar wannan nauyi. Mai asusun ajiya kuma ya sani cewa idan ya cire kuɗi fiye da sau huɗu a wata, kuɗin ruwan watan ya faɗi. Wanda ke guje wa ruwa saboda addini yana da bankuna irin su Jaiz da TAJ, amma kuɗin tiransifa da haraji suna nan a can ma.

Araha ba ta da amfani idan uwar kuɗi na cikin haɗari. Hukumar inshorar ajiya, NDIC, tun 2024 tana lamunce wa mai ajiya har naira miliyan 5 a bankin kasuwanci, da naira miliyan 2 a ƙaramin banki na maikurofainans. Da aka soke lasisin bankin Heritage a Yuni 2024, wannan lamuni ne aka fara biyan masu ajiya da shi. Manhajar da ba ta da lasisin CBN, ko da komai nata kyauta ne, ba wurin ajiya ba ce.

Hanyar gane abin da mutum ke biya ita ce ya nemi takardar bayanan asusunsa ta wata uku, ya tara duk layin da aka rubuta "charge" ko "fee" ko "VAT" ko "stamp duty", ya haɗa da abin da ya ba masu POS, wanda ba ya fitowa a fili idan hannu da hannu aka biya. Idan ya ga cajin da ya wuce ƙa'ida, kamar kuɗin kula da asusu a kan asusun ajiya, ko cajin aike ɗaya sau biyu, sai ya rubuta ƙorafi ga bankin ya karɓi lambar shaida. In mako biyu suka wuce ba a warware ba, yana da damar kai ƙara Sashen Kare Haƙƙin Masu Hulɗa na CBN, tare da wannan lamba da kwafin takardar asusun.