"Likita, Ina So In Daina Allurar Nan"

Mace takan je asibiti da niyyar cewa ta gaji da allurar tazarar haihuwa, amma ga layi, ga kunya, sai ta fito ba ta faɗi rabin abin da ke ranta ba. Shi ya sa rubuta wa likita wasiƙa yake da amfani. A ce mai shekara 29 ce, da 'ya'ya uku, tana karɓar Depo-Provera, allurar wata uku. Ga yadda tata za ta kasance:

"Assalamu alaikum, Likita. An yi mini allura ta farko a Janairu, ta biyu a Afrilu. Tun daga nan jini ke ɗiga mini, wani lokaci kwana goma sha biyu a jere, har na rasa gane ranar da zan yi wanka in koma salla. Na ƙara nauyi, kaina kuma yana yawan ciwo. Ba na son ta Yuli, amma ban shirya ɗaukar ciki ba tukuna. Mene ne mafita?"

Ranakun nan da ta rubuta su ne likita ya fi buƙata. Sinadarin allurar yana sa shimfiɗar cikin mahaifa ta yi siriri, don haka ɗigar jini ba bisa ƙa'ida ba abu ne sananne a watannin farko, kuma yakan ragu, wasu ma al'adar takan ɗauke gaba ɗaya. Jinin ba taruwa yake yi a ciki ba, kamar yadda ake faɗa a gari. Amma idan ya wuce kwana takwas, ko ya ninka wanda ta saba, musamman in ga jiri da kasala, sai a duba ta, a auna ko jininta ya yi ƙasa.

Abin da ya kamata likita ya gaya mata ba ɓoye-ɓoye shi ne, allura ba ta ciruwa. Wadda aka sa wa ashana a damtse, Implanon ko Jadelle, ana cire mata a 'yan mintuna, kuma tana iya samun ciki ba da jimawa ba. Mai allura kuwa dainawarta ita ce kada ta karɓi ta gaba, sai maganin ya bar jikinta a hankali. Yawanci ciki kan zo ne wajen wata goma bayan allurar ƙarshe, wasu kuma ba su kai haka ba. Saboda haka kada ta dogara da jinkirin. Kafin Yuli ta zaɓi wata hanyar: kwaroron roba, ko robar mahaifa mai jan ƙarfe, wadda ba ta da sinadarin, ko da yake takan ƙara yawan jinin al'ada.

A ganina, ma'aikacin lafiyar da ya karanta wannan wasiƙa ya ce "ki yi haƙuri, zai wuce" kawai, bai amsa ta ba. Akwai magungunan rage zubar jinin, ya faɗa mata. In ta ji ta ce duk da haka a daina, haƙƙinta ne, a daina.