Inuwa Ce Ke Tona Asirin Hoton Da Aka Haɗa

Duk wanda ya saba kallon fastocin 'yan siyasa da kalandun biki ya taɓa cin karo da irin hoton nan: mutum tsaye a ƙofar wani katafaren gida, riga ta sha guga, amma sai ka ga kamar ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa ba. An yanko shi da kyau, launi ma ya dace, duk da haka ido ya ƙi yarda. Galibi laifin na inuwa ne. Ko dai babu ita sam, ko ta nufi wani gefe daban da na sauran abubuwan da ke wurin, ko kuma ta yi laushi a inda rana ke ƙwalla.

Mu ɗauki aiki guda mu bi shi. An ɗauki hoton wani magidanci a situdiyo, ana so a ɗora shi a farfajiyar wani gida da aka ɗauka da yamma. Kafin a taɓa hoton mutumin, farfajiyar za a fara karantawa, domin ita ce za ta faɗi irin inuwar da za a yi. A nemi wani abu da ke tsaye cak a ƙasa, kamar turken fitila, wanda ake ganin gindinsa da kansa da inuwarsa duka. A ja layi daga gindin zuwa ƙarshen inuwar. Wannan shi ne gefen da inuwa ke kwanciya. A ja wani daga ƙarshen inuwar zuwa kan turken; wannan kuma yana nuna inda rana take.

Sai a auna. A ce tsayin turken fiksel 400 ne a hoton, inuwarsa kuma ta kwanta hagu da tsawon fiksel 600. Ke nan inuwa ta ninka tsayi sau ɗaya da rabi. Idan mutumin ya kai fiksel 1000 bayan an daidaita girmansa, inuwarsa za ta zama 1500, ita ma ta nufi hagu. Wannan ba baƙon lissafi ba ne ga wanda ya san yadda ake gane shigar la'asar da tsawon inuwa. Sharaɗi dai shi ne mutumin ya tsaya kusa da turken. In ya matso gaba sosai ko ya koma baya, kwanciyar inuwar a hoto takan ɗan sauya, saboda inuwoyin da rana ke yi, ko da yake a jere suke a ƙasa ba sa haɗuwa, a cikin hoto sukan karkata zuwa wuri guda a can inda sama ta haɗu da ƙasa. Abin da za a yi a nan shi ne a samo inuwoyi biyu, a tsawaita layukansu har su haɗu, sannan a sa inuwar mutumin a kan layin da ya taso daga wannan mahaɗa ya bi ta ƙafarsa. Rashin sanin wannan na cikin abin da ya sa wasu suka yi ta cewa hotunan saukar ɗan Adam a wata na 1969 na jabu ne, wai inuwoyin ba su jeru ba.

Yawancin masu koyo sukan garzaya ga Drop Shadow a Photoshop. Ni dai ban ga amfaninsa a irin wannan aiki ba. Abin da yake yi kawai shi ne ya kwafi siffar mutum ya gusa da ita gefe, sai ya zama kamar an manna takarda a bango. Hanyar da ta fi ita ce a kwafi siffar mutumin a wani shafi na ƙarƙashinsa, a cike ta da launi mai duhu, sannan a kwantar da ita ƙasa da Edit > Transform > Distort, ana kula kada ƙafar inuwa ta rabu da ƙafar mai ita. Launin kuwa kada a zaɓi baƙi ƙirin. A ɗebo shi daga inuwar turken da Eyedropper, domin inuwar rana ba baƙa ba ce. Hasken sararin sama na shiga cikinta, shi ya sa takan ɗan yi shuɗi-shuɗi. A mai da shafin Multiply don yashi ko dutsen da ke ƙasa ya ci gaba da fitowa, a rage Opacity har duhunta ya yi daidai da na turken.

Laushin bakin inuwa shi ne inda gwani ke bambanta da ɗan koyo. Abu biyu ke haddasa shi: girman abin da ke ba da haske, da nisan da ke tsakanin abu da inda inuwarsa ta sauka. Rana, duk girmanta, ƙarama ce a idonmu, faɗinta wajen rabin digiri ne kawai a sama, don haka inuwarta kaifi gare ta. Amma ba kaifi ɗaya ba ne daga farko har ƙarshe. Kowace mita ɗaya ta nisa tana ƙara wa bakin inuwa dishi-dishin kusan santimita ɗaya. A misalinmu, idan tsayin mutumin santimita 170 ne, tsakanin kansa da inuwar kan nasa akwai kamar mita uku, wato dishin kusan santimita uku, fiksel 18 ke nan a wannan hoton. A wajen takalminsa kuwa bakin inuwar kamar an yanka da reza yake. Saboda haka kuskure ne a zuba Gaussian Blur iri ɗaya a kan inuwar baki ɗaya. A bar wajen ƙafa da kaifinsa, a riƙa ƙara laushi ana yin nesa. A wajen kai a fara gwada 5 ko 6, a kwatanta da ƙarshen inuwar turken.

In kuwa ranar hadari aka ɗauki farfajiyar, ko lokacin da hazon hunturu ya yi kauri, labari ya canza. Sararin sama gaba ɗaya ya zama fitila guda mai faɗi, doguwar inuwa ta dusashe ko ta ɓace. Wanda ya zana inuwa mai kaifi a nan ya yi ƙarya a fili. Abin da ba ya ɓacewa a kowane yanayi shi ne ɗan siririn duhun da ke daidai inda tafin takalmi ya taɓa ƙasa, inda haske ba ya samun hanyar shiga. A zana shi da ƙaramin burushi mai laushi a shafinsa daban. Shi ne ke dasa mutum a ƙasa, kuma rashinsa ne ke sa a ga kamar yana lilo a iska.

Saura matsalar da inuwar ƙasa ba ta magancewa. Mutumin ya zo da nasa haske a jikinsa. Dubi ƙarƙashin hancinsa da haɓarsa da ninkin rigarsa. Idan fitilar situdiyo ta haska shi ta hagu, alhali ranar farfajiyar ta dama take, to kuncinsa na hagu zai yi haske a gefen da ya kamata ya yi duhu. Wasu sukan juya shi da Flip Horizontal, kuma yakan yi aiki, sai dai agogo zai koma ɗaya hannun, aljihun riga da aikin babbar riga su sauya gefe, rubutu kuma ya juye. Wani lokaci juya farfajiyar ya fi sauƙi, muddin babu allo ko lambar mota a ciki. Ana iya ɗan ƙara duhu a gefe guda a haskaka ɗayan, amma wannan gyaran ƙaramin saɓani ne kawai. Fuskar da aka ɗauka da lallausan hasken situdiyo ba za ta taɓa zama ta mai tsayuwa a tsakar rana ba.

Don haka, mai hoto, zaɓi wurin da za ka ɗora mutum tun kafin ya tsaya gaban kyamara, ka sa fitilarka a gefen da ranar wurin take. In kuma hoton ya riga ya zo hannunka kuma haskensa ya saɓa, sauya wurin ya fi maka sauƙi da ɓata dare kana gyaran fuska.