Kuɗin Ruwa Ragowar Bashi Yake Bi

A ɗauka wani ɗalibi da ke shirin jarrabawar kammala sakandare ya ci karo da tambayar da ta gagare shi. Sai ya ɗaga waya ya ɗauki hoton shafin, ya tura wa yayarsa mai koyar da lissafi, ya rubuta a ƙasa: "Yaya, don Allah duba min wannan, amsata ta ƙi zuwa daidai da ta littafi."

Tambayar ta ce wani ɗan kasuwa ya karɓi rancen naira 200,000. Ana ɗora masa kuɗin ruwa kashi 5 cikin 100 kowane wata a kan abin da ya rage bai biya ba, shi kuma yana biyan naira 80,000 a ƙarshen kowane wata. Nawa zai biya a wata na uku ya rabu da bashin?

Ɗalibin ya fitar da kashi 5 na 200,000, ya samu 10,000, ya ninka sau uku, ya ce ruwan duka 30,000 ne. A nan ya zame. Ya ɗauka bashin yana nan yadda yake tun ranar farko, alhali kowane biya yana zaftare shi.

Yayar ta ce ya bi watannin ɗaya bayan ɗaya. A wata na farko bashin 200,000 ne, ruwansa 10,000, jimilla 210,000. Ɗan kasuwan ya kai 80,000, saura 130,000. Abin lura shi ne, ba duka 80,000 ɗin ne suka shiga uwar kuɗi ba: ruwa ya fara cin 10,000, sannan 70,000 suka rage bashin.

A wata na biyu an manta da 200,000 gaba ɗaya. Yanzu 130,000 ake bin sa, don haka ruwan ya sauko zuwa 6,500. Idan aka haɗa an samu 136,500, a cire 80,000, saura 56,500. Biyan bai canza ba, amma wannan karon 73,500 ne suka tafi uwar kuɗi, domin rabon ruwa ya ragu. A wata na uku kashi 5 na 56,500 shi ne 2,825, ke nan biyan ƙarshe naira 59,325 ne. Ruwan da ya biya cikin wata ukun bai wuce 19,325 ba.

Tsakanin wannan da amsar ɗalibin akwai naira 10,675. Kuma lissafin ɗalibin, ko da yake ya saɓa wa tambayar, akwai shi a kasuwa: wasu masu ba da rance suna ɗora ruwa a kan ainihin kuɗin da aka karɓa daga farko har ƙarshe, komai yawan abin da mutum ya mayar. Su ma "kashi biyar" za su ce. Shi ya sa mai karɓar rance ya kamata ya nemi jadawalin biya a rubuce, ya dubi layin ruwa. Idan yana raguwa wata bayan wata, ragowa ake bi. Idan adadi ɗaya ne daga sama har ƙasa, mutum yana biyan ruwa har a kan kuɗin da ya riga ya mayar.

Wani kuskuren da ke yawan kama ɗalibai shi ne cire biya kafin ɗora ruwa. Wanda ya yi haka zai samu 126,000 a wata na farko maimakon 130,000. Tunda tambayar ta ce a ƙarshen wata ake biya, kuɗin sun kwana wata guda cif a hannun ɗan kasuwan, ruwansu ya riga ya hau.

Shi kansa hoton yana iya ɓatar da mutum. Idan gefen shafin ya yanke, ko hasken waya ya rufe kalmomin "kowane wata", mai dubawa zai iya ɗaukar kashi 5 ɗin na shekara ne. Da haka ne, da ruwan watan farko kusan naira 833 kawai zai kasance. Kashi 5 a wata kuwa ya kai kashi 60 a shekara, tun kafin a yi maganar ruwa a kan ruwa. Don haka yayar ta sa ƙanen nata ya sake ɗaukar shafin gaba ɗaya kafin ta taɓa biro.

Daga ƙarshe ta sauya masa lamba ɗaya: ya mayar da biyan wata 8,000. Ya lissafa, sai ya ga 210,000 a cire 8,000 ya bar 202,000. Mutum ya biya, bashi ya ƙaru, saboda biyan bai ma kai ruwan watan ba, kuma idan ana haɗa ragowar ruwan cikin bashin, wata mai zuwa ruwan zai zama 10,100. Da 10,000 yake kaiwa daidai, da zai shekara yana biya, ya kashe naira 120,000, ana bin sa 200,000 ɗin nan ko kwabo bai ragu ba.