Abin da Ka Rubuta a Fom Shi Zai Biya Ka: Inshorar Mota a Bakin Iyaka

'Yan uwana ɗalibai, da yawanmu idan aka ambaci inshora sai mu ce ai kamfanonin nan karɓa kawai suka iya, ba sa biya. Akwai masu jan ƙafa, ba na musu. Amma sau da yawa ba ranar hatsari ake rasa diyya ba, tun ranar cika fom aka rasa ta. Ni ɗan Lafagu ne a ƙaramar hukumar Bagudo, inda mota ɗaya kan kai iyali biki yau, gobe ta ɗauko buhunan shinkafa, jibi ta leƙa Jamhuriyar Benin. Da irin wannan motar zan yi bayani.

Inshora ciniki ne da ɓangare ɗaya ya fi ɗaya sanin kaya. Kamfani yana Abuja ko Legas, bai taɓa ganin hanyar da motarka ke bi ba, da maganarka yake yanke kuɗin da za ka biya. Shi ya sa doka ta ɗora wa mai neman inshora nauyin faɗin gaskiya fiye da na cinikin kasuwa. Ƙa'idar ta samo asali daga wata shari'a da aka yi a Ingila a 1766, tsakanin Carter da Boehm, inda alƙali Mansfield ya bayyana cewa wanda ya san haɗarin ba shi da ikon ɓoye shi ga wanda zai ɗauke masa shi.

To wane bayani ne dole a faɗa? Shi ne duk wanda, da kamfani ya ji shi, zai ƙi ba ka inshorar, ko ya ƙara kuɗi, ko ya sa sharaɗi. Sunan makarantar da ka yi ba ya canza komai. Amma cewa motar tana ɗaukar fasinja, wannan yana canza lissafi gaba ɗaya.

A Najeriya doka ta sauƙaƙa mana. Sashe na 54 na Dokar Inshora ta 2003, wadda ta yi aiki har zuwa 2025, ya ce idan kamfani ya ba ka fom, to ya tsara shi yadda zai tambayi duk abin da yake ganin yana da muhimmanci, kuma abin da bai tambaya ba ana ɗaukarsa ba shi da muhimmanci. Wato ba a ce ka zauna kana hasashen abin da ke ransu ba. Amma wannan sauƙin yana da ɗaya gefen: duk tambayar da ka gani a fom, kamfani ya riga ya nuna maka cewa amsarta tana da nauyi. Ƙarya a nan, ko rabin gaskiya, ita ce ƙofar da za a bi a hana ka kuɗi.

Ga misali na ƙirƙira don mu bi lissafin. Wani mutum a Lafagu ya sayi mota ta naira miliyan 6. Yana son cikakkiyar inshora, wadda ke biyan gyaran motarsa, ba ta wanda ya buge kaɗai ba. Tun Janairun 2023 hukumar NAICOM mai kula da inshora ta ce kuɗin irin wannan kada ya gaza kashi 5 cikin 100 na darajar mota. Kenan zai biya aƙalla naira 300,000 a shekara. Fom ya tambaye shi aikin da motar za ta yi, ya rubuta hawan kansa da iyali, saboda ya ji cewa ta haya ta fi tsada. Alhali duk ranar kasuwa yana lodin fasinja da kaya zuwa Tsamiya, wani lokaci ya ƙetara har Segbana.

Bayan wata biyar motar ta faɗi a hanya, gyara ya kama naira miliyan 2. Kamfani ba ya biya da jin labari, sai ya turo mai bincike. Shi kuma zai karanta rahoton 'yan sanda, ya ga an rubuta fasinja bakwai da buhuna. Zai tambayi waɗanda suka ji rauni, su ce kuɗin mota suka biya. Wataƙila ma ya tsinci tikitin 'yan yuniyan a cikin motar. Daga nan kamfani zai ajiye fom ɗin kusa da rahoton, ya ce haɗarin da ya karɓi kuɗi a kansa daban, wanda ya faru daban. Mutumin ya yi gudun ƙarin da za a yi masa, ya rasa miliyan 2, ga 300,000 da ya riga ya fitar. Garin neman gira an rasa ido.

Da a ce hatsarin a Segbana ya faru, akwai matsala ta biyu. Masu mota a wajenmu sun san katin ECOWAS mai ruwan ƙasa, wanda aka sa hannu kan yarjejeniyarsa a Kwatano a 1982, kuma tun 2023 kuɗinsa yana cikin naira 15,000 da ƙaramar motar gida ke biya na inshorar dole. Sai dai katin nan wanda ka yi wa ɓarna a wata ƙasa yake karewa, ba motarka ba. Cikakkiyar inshora tana da iyakar ƙasa a rubuce, yawanci Najeriya. Idan kana ƙetarawa, ka faɗa tun farko, a faɗaɗa maka iyakar a rubuce, ka biya ƙarin.

Sai maganar ejan, kuma nan ne ya fi shafarmu, domin mu 'yan boko mu ake miƙo wa takarda a gida a ce "duba mana". Sashen nan na 54 ya ce a buga a shafin farko na fom cewa ejan da ya taimaka wajen cika shi, a madadin mai nema ya yi. Ma'ana idan ya ce "Alhaji, bar shi kawai mu sa ta gida", kuskuren na Alhaji ne, shi ya sa hannu. Dokar ta kuma ce abin da ka faɗa wa ejan a cikin hurumin aikinsa kamar ka faɗa wa kamfani ne. Amma ta yaya za ka tabbatar ka faɗa, in da baki ne kawai? Don haka duk abin da aka faɗa ya shiga fom, ko a tura shi a saƙon waya a adana.

Idan kawu ya ba ka fom, ga yadda nake ganin ya dace. Ka karanta masa kowace tambaya da Hausa, ka rubuta amsarsa yadda take. Wa ke tuƙa motar, shi ko yaronsa, kuma yana da lasin? Ta taɓa hatsari? Wani kamfani ya taɓa ƙin ba shi inshora? An ƙara mata kujeru ko bodi? Kada ka bar gurbi fanko ko ka ja layi kawai. Inda bai tuna ainihin kwanan wata ba, rubuta abin da ya tuna, ka nuna ƙiyasi ne. Kafin a miƙa, ɗauki hoton kowane shafi. Kuma idan aikin motar ya canza daga baya, a sanar da kamfani kafin a fara, kada a jira ranar sabuntawa. Kamfanonin takaful ma haka suke tambaya, ƙa'idar ɗaya ce.

Wannan ba ya nufin duk kuskure yana kashe diyya. Sashe na 55 na dokar ta 2003 ya hana kamfani fakewa da karya wani sharaɗi in dai sharaɗin bai shafi haɗarin ko asarar ba. Idan an ƙi biya, a nemi dalilin a rubuce, a gwada shi da hoton fom ɗin. In abin da suke zargin an ɓoye ba a tambaye shi ba, akwai sashen karɓar koke a NAICOM, bayansa kuma kotu. In kuwa an tambaya aka amsa ba daidai ba, hoton nan da kansa zai zama shaida a kanku.